Rangwamen kaka a shagunan kayan noma: abin da ya kamata a rubuta kafin a miƙa kuɗi

Daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Disamba, lokacin da masara ke cika kasuwannin Saminaka da Giwa da Dandume, masu sayar da taki da iri da maganin feshi kan ɗaga murya fiye da kowane lokaci. Ana jin tallarsu a rediyo, ana ganinta a jikin allon shago, tana kuma yawo a saƙon murya daga waya zuwa waya. Sun san cewa a waɗannan makonni ne kuɗi ke shiga hannun manomi, kuma ba ya daɗewa a wurin, domin bukukuwan aure da kuɗin makaranta da tsofaffin basussuka duk suna jira.

Wannan talla ba ta tsayawa a ƙauye. Takan iso Abuja ta wayar ƙane ko kawu, wanda ke neman a turo kuɗi da gaggawa kafin rangwame ya ƙare. Ma'aikatan tarayya da dama suna da hannu a gonar gida, tunda noma shi ne sana'ar da kundin tsarin mulki na 1999 ya bar wa ma'aikacin gwamnati ya yi ban da aikin ofis. Saboda haka kuɗin da ke shiga irin wannan ciniki sau da yawa albashi ne, ko rancen ƙungiyar gama kai ta ma'aikata.

Shi ma mai shagon yana da nasa matsin. Kayan da suka rage daga damina ba su son jira. Takin yuriya yana jan laima ya dunƙule idan ɗakin ajiya bai da kyau, maganin feshi yana da ranar ƙarewar aiki, iri kuma yana rage ƙarfin tsiro idan ya sha zafin bazara. Ga dillalin da ya ba shi kaya yana jiran kuɗinsa. Rangwamen kaka, ke nan, ciniki ne da kowane ɓangare zai iya amfana da shi. Inda ake samun matsala shi ne abin da aka faɗa da baki aka bari ba a rubuta ba.

Biya yanzu, karɓa da damina

Tayin da ya fi jan hankali shi ne a biya kuɗin taki da kaka, a karɓi kaya a watan Yuni. Za a iya gane ribarsa da haɗarinsa ta misali, da alƙaluman da aka ɗauka don sauƙin lissafi kawai.

A ce buhun taki mai kilo 50 yana naira 40,000 a watan Nuwamba, mai shago ya ce wanda ya biya yanzu zai samu a kan naira 36,000. Manomi yana bukatar buhu 10, wato naira 360,000. Idan buhun masara yana naira 30,000 a lokacin, sai ya sayar da buhu 12 kafin ya haɗa kuɗin.

Tambayar da ya kamata ya yi ita ce: da ya ajiye masarar fa? A ce ta kai naira 40,000 a watan Yuni. Buhu 12 za su ba shi naira 480,000. Idan aka cire naira 36,000 na buhunan ajiya da dako, saura naira 444,000. In taki ya tsaya a naira 42,000, zai sayi buhunsa 10 har ya rage naira 24,000, ke nan haƙuri ya fi rangwamen riba. In kuwa taki ya haura zuwa naira 48,000, zai bukaci naira 480,000, kuma wanda ya biya tun kaka ya tsira da naira 36,000.

Babu wanda ke da tabbacin yadda farashi zai kasance. Bayan cire tallafin man fetur da sakin darajar naira a 2023, kayan noma sun yi tashin da ya sa masu biya da wuri suka ci riba. A kakar 2025 kuma manoma sun koka da faɗuwar farashin masara da shinkafa alhali taki bai sauko ba. Abin da rangwamen ke sayar wa manomi a zahiri shi ne kwanciyar hankali a kan farashi, kuma wannan kwanciyar hankali tana rataye ne a kan kalma ɗaya a rasit.

Idan rasit ya ce an sayi buhu 10, farashi ya ɗaure. Idan kuwa ya ce an ajiye naira 360,000, to ba a sayi komai ba tukuna. Ranar da taki ya kai naira 48,000, mai shago zai iya ƙirga wa manomi buhu bakwai da rabi, ya ce abin da kuɗinsa ya saya ke nan. A nan ne zumuncin shekaru yake lalacewa, kowa yana rantsuwa cewa shi ne a kan gaskiya.

Haka nan kalmar "taki" ita kaɗai ba ta wadatar ba. NPK 15-15-15 daban yake da NPK 20-10-10, dukansu kuma daban suke da yuriya mai sinadarin naitrojin kashi 46 cikin 100. Rasit na kirki yana faɗin nau'i da sunan kamfani da nauyin buhu da ranar karɓa, ya kuma faɗi abin da za a yi idan ranar ta zo babu kaya. Jinkirin mako uku a watan Yuni asara ce da mayar da kuɗi ba ya gyarawa, domin masara ba ta jiran kowa. Malaman fiƙihu sun daɗe da shimfiɗa waɗannan sharuɗɗa a babin cinikin salam: a biya kuɗi gaba ɗaya, a san siffar kaya da adadinsa da lokacin miƙa shi.

Bashin noman rani

Tayi na biyu na masu noman rani ne, waɗanda ke shirin shuka alkama ko tumatir ko albasa a watan Nuwamba. Mai shago yakan ce a ɗauki kaya yanzu a biya bayan girbi, kuma tallar takan ƙara da cewa babu ruwa. Sau da yawa gaskiya ne babu abin da aka kira ruwa, amma akwai farashi biyu. Idan buhu yana naira 40,000 kuɗi hannu, naira 46,000 kuma a bashin wata huɗu, ƙarin naira 6,000 ya zama kashi 15 cikin 100 a wata huɗu. In aka miƙe lissafin zuwa shekara, ya kai kashi 45 cikin 100. Ma'aikacin da ke iya samun rance mai sauƙi daga ƙungiyarsa ya kamata ya gwada wannan adadi da abin da za a caje shi kafin ya amince wa ɗan'uwansa ya ɗauka.

Sayar da kaya bashi a kan farashin da ya fi na kuɗi hannu abu ne da akasarin malamai suka halatta, muddin an tsayar da farashi ɗaya tun ranar ciniki. Abin da ba su yarda da shi ba shi ne a ƙara kuɗi saboda an makara. Don haka mai shagon da ke son kare kansa ya fi masa kyau ya nemi wanda zai tsaya wa mai bashi, ko ya bayar ta hannun ƙungiyar manoma, ya kuma raba biyan gida biyu ko uku. "Bayan girbi" ma ba rana ba ce. Ya kamata a rubuta kwanan wata, a kuma faɗi tun farko kwana nawa za a ɗaga ƙafa idan ambaliya ko ƙwari suka cinye gona.

Inda aka ce a biya da hatsi, tambayoyin sun ƙaru. Buhun masara ana ɗaukarsa kilo 100, amma cikon wani gari ba irin na wani ba ne, kuma tiyar mai saye takan fi ta mai sayarwa zurfi. Idan an ce farashin kasuwa, wace kasuwa, kuma ta wace rana? Wane ne zai yanke hukunci cewa masarar ta bushe? Sikeli, da sunan kasuwa, da rana guda da aka amince da ita, suna kashe rigimar tun kafin ta taso.

Kalmomin da manomi zai riƙe

Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin samun bayani cikin harshe mai sauƙin fahimta, ta kuma hana talla mai yaudara. Dokar kula da ingancin taki ta 2019 ta wajabta wa masu sayar da shi yin rajista, ta haramta gauraya shi da tauye nauyinsa. Iri yana ƙarƙashin hukumar kula da ingancin iri ta ƙasa, maganin ƙwari kuma dole ya ɗauki lambar NAFDAC. Sai dai manomin da ke nesa da ofisoshin nan ba zai iya kai ƙara da maganar baki ba. Takarda ce hujjarsa.

Talla irin ta "rangwame har kashi 20 cikin 100" tana ɓoye fiye da abin da take bayyanawa, domin kalmar "har" tana iya nufin kaya ɗaya tak a cikin shago. Manomi yana lissafi da naira da buhu, don haka da su ya kamata a yi masa magana. Tallar da ta cika za ta iya cewa: yuriya buhu mai kilo 50, farashinsa naira 40,000, wanda ya biya duka kafin 15 ga Disamba zai biya naira 36,000, a karɓi kaya daga 1 ga Yuni, in babu kaya zuwa 10 ga Yuni mai shago zai sayo daga wani wuri ya cika. Duk wanda ya ji wannan sau ɗaya zai iya maimaita wa maƙwabcinsa ba tare da kuskure ba, kuma wannan ne ma'aunin talla mai tsabta.

Kyautar da ake haɗawa da ciniki ita ma tana bukatar a duba ta. Idan an ce wanda ya sayi buhu biyar zai samu litar maganin ciyawa kyauta, a karanta ranar ƙarewar aikinta. Maganin da zai ƙare a watan Maris ba shi da amfani ga wanda zai yi feshi a watan Yuni. Mai shago na gari yakan faɗi wannan da kansa, ya sayar da irin wannan kaya ga masu noman rani da za su yi amfani da shi nan take.

Tunda ba kowane manomi ke karanta boko ba, rasit ya kamata a karanta shi da babbar murya a gaban shaida, a rubuta da Hausa ko da ajami in shi ne mai saye ya iya, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. Ga ma'aikacin da zai turo kuɗi daga Abuja, hanya mafi sauƙi ita ce ya nemi a ɗauki hoton rasit ɗin a turo masa kafin ya taɓa asusunsa. Ya duba ko an rubuta adadin buhu, da nau'in kaya, da ranar karɓa ko ta biya, da abin da zai faru idan wani ya saɓa. In ɗaya daga cikin huɗun nan babu, kuɗin ya jira har a cike gurbin.