Malam, Daina Koya Wa Yara Farautar Kalma a Lissafi

Duk lokacin da jarrabawar shiga sakandare ta ƙarato, wata dabara takan bazu a wuraren lesin na Agege, daga Zango har Oko-Oba. Malami zai rubuta a allo cewa in ka ga "ya fi" ko "gaba ɗaya" ka tara, in ka ga "saura" ka ɗebe, yara kuma su haddace kamar karatun allo. Na gaji da ganin wannan, domin ita ce ke kayar da yaranmu a lissafin da ke zuwa cikin labari.

Ga tambaya. Wata mai sayar da burodi ta sayar da 48 da safe. Wannan ya fi abin da ta sayar da yamma da 15. Nawa ta sayar a yinin? Yaron da aka koya wa farautar kalma zai hango "ya fi", ya tara 48 da 15, ya rubuta 63, ya miƙa takarda yana murmushi. Bai karanta labarin ba, lambobi biyu kawai ya tsinto. Wajen 1980 masu bincike a Grenoble ta Faransa sun ce wa 'yan firamare akwai tumaki 26 da awaki 10 a jirgin ruwa, shekarun matuƙin jirgin nawa? Yawancinsu sun ba da amsa, da dama suka ce 36. To mu kuma sai mu riƙa koyar da wannan ɗabi'a da gangan, har iyaye na biyan kuɗi? Yaron da zai lissafa canjin kwastoma a rumfar babansa ba kuskure, ai ba daƙiƙi ba ne. Cunkoson aji da rashin haddar jadawalin sau suna da nasu laifin, amma wannan laifin namu ne.

Matakan da suka dace ba sababbi ba ne. George Pólya ya tsara su a littafinsa na 1945: fahimta, shiri, aiwatarwa, sai dubawa. Darasi ɗaya na minti arba'in ya isa a gabatar da su, muddin malami ya haƙura da tambaya biyu ko uku kacal.

Kusan rabin lokacin ya tafi a fahimta. A ajiye biro. A karanta tambayar mai burodi sau biyu, sannan malami ya rufe lambobin da hannu ya ce, "Wa zai ba ni labarin nan da bakinsa?" Yaron Agege Hausa yake ji a gida, Yarbanci a layi, tambayar kuma da Turanci take zuwa, don haka a bar shi ya faɗa da harshen da ya fi masa sauƙi. In ya kasa, matsalar karatu ce, kuma ƙara masa lissafi ba zai magance ta ba. Daga nan sai tambaya biyu: me aka ba mu, me ake nema? A ƙara da ta uku, wadda ke warware komai a nan: yaushe ta fi ciniki, da safe ko da yamma?

Shiri kuwa zane ne. A ja dogon layi na safe a rubuta 48, a ja gajere a ƙarƙashinsa na yamma, a rubuta 15 a giɓin da ke tsakaninsu. Da ido yaro zai ga cewa ɗebewa za a fara yi, kuma aikin hawa biyu ne. Sai yanzu za a ɗauki biro: 48 a ɗebe 15, saura 33 na yamma, 48 a tara da 33, ya zama 81. Kada a karɓi "81" tsirara. A rubuta "burodi 81".

Dubawa ita ce yara suka fi tsallakewa. A mai da amsar cikin labarin: 48 ya fi 33 da 15? E. Sai malami ya ba su tambaya ta biyu su yi bibbiyu: mutum 50 za su ɗaurin aure, kowace danfo tana ɗaukar 14, mota nawa za a ɗauka? Rabawa za ta ba da 3, saura 8. Wanda ya rubuta "mota 3", a tambaye shi, "Mutum takwas ɗin fa, a tasha za mu bar su?" Da kansa zai gyara ya ce 4.

Tambaya ta uku kowa ya yi shi kaɗai, malami na zagayawa yana duban zane kafin amsa. Zane daidai da amsa ba daidai ba yana nuna kuskuren ƙidaya, mai sauƙin gyara. Amsa daidai ba zane kuma, a kira yaron ya yi bayani, don wataƙila dace ya yi. Matakan nan huɗu su zauna a gefen allo har ƙarshen zango, domin darasi ɗaya gabatarwa kawai yake yi, sabo sai an yi makonni ana tambaya ɗaya kullum.