Barka da Haihuwa: Inda Mai Fassara Kan Yi Tuntuɓe

Wata Baturiya ma'aikaciyar asibiti ta ba abokin aikinta a Kano saƙon taya murna ya mayar mata da shi Hausa, domin maƙwabciyarta ta sauka. Layi biyu ne kacal: tana taya ta murna, kuma jaririn kyakkyawa ne.

Da ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, sai saƙon ya fito salam, kamar sanarwar ofis. Turanci yakan zuba zafin zumunci a yabo, ita kuwa Hausa a addu'a take zuba shi. Ga kuma wata matsala: iyaye mata da yawa ba sa son a yi ta kambama kyawun jariri, saboda tsoron baki. Don haka ya rubuta: "Barka da sauka lafiya, Allah ya raya, ya albarkaci rayuwarsa." Yabon ma bai yar ba, sai dai ya lulluɓe shi da "tubarkalla".

Da mai jego ta amsa da "Barka kadai, sai kin zo suna", nan ma sai da ya yi ƙarin bayani, cewa gayyata ce zuwa bikin kwana bakwai.