Shiru Ma Magana Ce: Yadda Ake Gane Aikin Kwamfuta Ya Tsaya Ba Sallama

A ƙarshen watan Janairun 2017 wani ma'aikacin kamfanin GitLab ya goge bayanai kusan gigabait 300 daga babbar sabar kamfanin bisa kuskure. Irin wannan kuskure ba baƙo ba ne a harkar kwamfuta, kuma saboda shi ake ajiye kwafin bayanai kullum. Da aka je ɗauko kwafin, sai aka tarar da rumbun ajiyar wayam. Umarnin da ke kwafe bayanan, `pg_dump`, samfurin 9.2 ne, alhali rumbun bayanan ya koma 9.6, don haka duk lokacin da ya tashi aiki sai ya faɗi. Kwamfutar tana aika imel na ƙorafi, amma sabar da ke karɓar saƙonnin tana ƙin su saboda ba su cika wata ƙa'idar tantance mai aikawa ba. Ba wanda ya ga ƙorafi, kowa ya ɗauka lafiya lau. A ƙarshe wani kwafi da aka ɗauka da hannu kimanin awa shida kafin haɗarin ne ya cece su, abin da aka shigar a cikin awa shidan nan kuwa ya tafi. Kamfanin da kansa ne ya wallafa wannan bayani.

Abin da ke tayar da irin waɗannan ayyuka a kan lokaci wata tsohuwar manhaja ce mai suna `cron`, wadda ke tare da tsarin Unix tun shekarun 1970. Samfurin da ya fi yaɗuwa a kwamfutocin Linux ya samo asali ne daga wanda Paul Vixie ya rubuta a 1987. Aikinta ɗaya ne: kowane minti ta duba jadawalinta, in lokacin wani umarni ya yi ta tayar da shi. A ce wani babban shagon magani yana da sabar da ke riƙe da lissafin kaya da ciniki, kuma ana so a kwafe lissafin kullum da ƙarfe biyu na dare. Layi ɗaya ake rubutawa a jadawalin:

```
0 2 * * * /home/shago/ajiya.sh
```

Gurabe biyar na farko su ne minti, awa, ranar wata, wata, da ranar mako. Tauraro na nufin kowanne. Abin da ya biyo baya shi ne fayil ɗin da ke ɗauke da umarnin kwafewar.

Matsalar `cron` ita ce ba ta bin sawun abin da ta tayar. In aikin ya fitar da wani rubutu, takan yi ƙoƙarin tura shi ta imel, amma saboci da yawa a yau ba a ma girka musu manhajar aika imel ba, sai saƙon ya ɓace. Wannan kuma in aikin ya tashi ke nan. In wuta ta ɗauke da ƙarfe ɗaya da rabi, batir ya ƙare, ba a tayar da janareto ba sai da safe, ƙarfe biyu ta wuce ke nan, kuma `cron` ba ta rama bashin aikin da ya kuɓuce mata. In an canza sabar aka manta da kwaso jadawalin, ko wani ya sa alamar `#` a gaban layin don gwaji ya manta bai cire ba, babu kuskuren da za a rubuta a ko'ina, domin babu abin da ya gudana balle ya yi kuskure. Duk tsarin da ya dogara da cewa aikin zai kawo ƙara in ya lalace, ya manta cewa wanda bai farka ba ba ya kuka.

Dabarar bugun zuciya juya lamarin take yi. Maimakon a jira labarin matsala, sai a wajabta wa aikin ya aiko da labarin lafiya duk lokacin da ya kammala, a kuma sa wani daga waje ya riƙa sauraro. Kamar dai uwar da ta ce wa ɗanta mai tafiya Kaduna ya kira ta da zarar ya sauka: in magariba ta yi babu kira, ba sai wani ya zo ya gaya mata akwai abin dubawa ba. Mai sauraron a nan wata sabar ce dabam a intanet. Akwai masu ba da wannan hidima irin su Healthchecks.io da Cronitor da Dead Man's Snitch, kuma manhajar Uptime Kuma, da mutum zai iya girkawa da kansa, ita ma tana yi. Zan bi misalin ta farkon, domin manhajarta a buɗe take ga kowa kuma tana da tsarin kyauta ga mai ayyuka kaɗan.

Za ka buɗe sabon abin sa-ido, a ba ka adireshi na musamman mai doguwar lamba. Sai ka gaya masa abu biyu: yaushe aikin ke gudana, da kuma tsawon uzurin da za a yi masa kafin a ce ya makara. Daga nan ka gyara layin jadawalin:

```
0 2 * * * /home/shago/ajiya.sh && curl -fsS -m 10 --retry 5 -o /dev/null https://hc-ping.com/LAMBARKA
```

`curl` ƙaramin umarni ne da ke taɓa adireshin intanet, taɓawar nan kuwa ita ce bugun. `-m 10` ya hana shi jira fiye da daƙiƙa goma, `--retry 5` ya sa ya sake gwadawa har sau biyar in layin ya yi gardama, sauran kuma suna sa shi yin shiru sai in da kuskure. Amma ƙashin bayan layin shi ne `&&`. Kowane umarni in ya gama yana barin lambar sakamako: sifili na nufin nasara, duk wata lamba kuma gazawa ce. `&&` na cewa kada a yi na biyu sai na farko ya bar sifili. Wanda ya sa `;` a wurin ya ɓata rawarsa da tsalle, domin bugun zai tafi ko aikin ya yi ko bai yi ba, ya samu mai gadi da ke cewa lafiya kowane dare ko da an kwashe shagon.

Ko da `&&` ɗin ma akwai ramin da ƙwararru ke faɗawa, kuma a ganina shi ne wurin da ya fi cancantar a tsaya. Yawanci ba a ajiye kwafin haka nan, ana matse shi don ya rage cin wuri, sai a haɗa umarni biyu da bututu: `pg_dump shago | gzip`. Lambar sakamakon bututu ta umarnin ƙarshe ce. To, in `pg_dump` ya faɗi bai fitar da komai ba, `gzip` zai karɓi babu, ya matse babu, ya rubuta fayil mai girman bait 20, ya bar sifili abinsa. Bugu ya tafi, allo ya nuna kore, rumbun ajiya kuwa cike da fayiloli marasa komai. Maganin shi ne a gyara fayil ɗin aikin kansa:

```bash
#!/bin/bash
set -eo pipefail
F=/ajiya/shago-$(date +%F).sql.gz
pg_dump shago | gzip > "$F"
[ "$(stat -c%s "$F")" -gt 1000000 ]
```

Layi na biyu ya sa gazawar kowane ɓangaren bututu ta zama gazawar aikin duka, kuma a tsaya nan take. Layin ƙarshe yana auna fayil ɗin: in bai haura bait miliyan ɗaya ba, aikin ya gaza, bugu ba zai tafi ba. Miliyan ɗayan misali ne kawai. Mai shago ya duba girman kwafinsa na yau da kullum, in megabait 40 ne ya sa iyakar a wajen 20. Layin farko ma ba ado ba ne, domin `cron` da `/bin/sh` take gudanar da umarni, wanda a wasu kwamfutoci bai san `pipefail` ba.

Sai batun uzuri. A ce kwafewar na cin minti ashirin. Bugun zai iso wajen 2:20. In aka ba da uzurin minti goma, kullum za a tashe ka daga barci a banza, kuma bayan mako guda za ka kashe ƙarar saƙon, shi ke nan an koma gidan jiya. In aka ba da kwana biyu, labari zai zo bayan an yi asarar kwafi biyu. Awa ɗaya ta dace da wannan aiki: ƙarfe biyu mai sauraro ya fara jira, in ƙarfe uku ta buga babu bugu ya aiko da saƙo ta imel ko Telegram ko wata hanyar da aka zaɓa. A kula da agogo. Saboci da yawa na haya suna kan lokacin UTC, Nijeriya da Nijar kuwa suna gaba da shi da awa ɗaya. In sabar na kan UTC kai kuma ka gaya wa mai sauraro lokacin `Africa/Lagos`, aikin zai tashi da ƙarfe uku a agogonka, daidai lokacin da uzurin ya ƙare, ka riƙa samun ƙararrawar ƙarya kowane dare.

Wanda ke son ƙarin haske zai iya aika bugu biyu, ɗaya a farko ta ƙara `/start` a ƙarshen adireshin, ɗaya a ƙarshe. Da haka ake bambance aikin da bai tashi ba sam da wanda ya tashi ya maƙale a hanya, a kuma ga tsawon lokacin da yake ci. Aikin da ke cin minti ashirin a bara, yanzu yana cin hamsin, yana ba da labarin abin da ke tafe. Akwai kuma `/fail`, wanda aikin zai taɓa da zarar ya gane ya gaza, ba sai an jira uzuri ya ƙare ba.

Dabarar tana da iyaka. Mai sauraro ba zai zauna a kwamfuta ɗaya da aikin ba, kai ko a gini ɗaya ma, in ba haka ba wutar da ta kashe ɗaya ta kashe ɗayan. Shirun bugu kuma ba ya faɗin dalili: yana iya yiwuwa kwafin ya yi daidai, intanet ɗin shagon ce ta yanke da ƙarfe biyu da kwata. Saƙon na cewa ne a je a duba, kuma dubawar na farawa da `crontab -l` don a ga ko layin na nan, sannan kundin tarihin sabar don a ga ko `cron` ta tayar da shi, sannan fayil ɗin da aka rubuta da girmansa. Adireshin bugun ma sirri ne, domin duk wanda ya san shi zai iya taɓa shi ya sa allo ya yi kore.

Akwai gwaji biyu da ba a tsallakewa. Na farko, ranar da aka girka tsarin, a sa `#` a gaban layin da gangan a kwana, a ga ko saƙo zai iso wayar mutumin da zai iya tashi ya gyara, ba akwatin imel ɗin ma'aikacin da ya bar aiki bara ba. Hanyar ƙorafin da ba a taɓa gwadawa ba ita ce ta yaudari GitLab. Na biyu, lokaci-lokaci a ɗauki kwafin daren jiya a zuba shi a wata kwamfutar, a buɗe lissafin a ga ko cinikin jiya da yamma na ciki. Bugun ya shaida cewa an rubuta fayil mai girman da ya dace, amma ko fayil ɗin zai dawo da lissafin shagon, sai an zuba an gani.