Ganin Haila Ba Shi Ne Ganin Haihuwa Ba: Abin da Shekaru Ke Yi wa Ƙwan Mace

A wurin mutane da yawa lissafin haihuwa ba shi da wuya: muddin mace tana ganin al'adarta, to ƙofa a buɗe take. Likitocin mata ba haka suke lissafi ba. Haila takan ɗauke ne a tsakanin shekara 45 zuwa 55, amma samun ciki yakan fara wuya kusan shekara 10 kafin nan, alhali jinin na zuwa kowane wata bai saɓa ba. A wannan tsakanin ne mata da yawa ke ɓata lokacin da ba ya dawowa, suna jira, suna sauya magani, ana ce musu ai da sauran lokaci.

Dalilin yana cikin ƙwan haihuwa. Namiji yana ƙera sabon maniyyi ne kullum har ya tsufa, ita kuwa mace da ƙwayayenta aka haife ta. Kamar rumbu ne da aka cika sau ɗaya: ana ɗiba, ba a ƙari. Tun tana ɗan tayi na wata 5 a cikin uwa take da ƙwai miliyan 6 zuwa 7. Ranar da aka haife ta sun ragu zuwa miliyan 1 ko 2, lokacin balaga kuma saura dubu 300 zuwa dubu 500. Waɗanda za su nuna su fito a duk tsawon rayuwarta ba su wuce 400 zuwa 500 ba, sauran narkewa suke yi a hankali, ko ta yi aure ko ba ta yi ba, ko tana shan maganin tazarar haihuwa ko ba ta sha. A wajen shekara 37 abin da ya rage bai fi dubu 25 ba, daga nan kuma raguwar takan ƙara sauri.

Amma ba yawan ne babbar magana ba, ingancin ne. Kusan kowace irin ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da zaren gado guda 46, waɗanda ake kira kuromosom. Kafin ƙwai ya haɗu da maniyyi dole ya raba nasa biyu, ya riƙe 23, domin 23 na uba su cike gurbin. Abin mamaki shi ne ƙwan ya fara wannan rabo tun mace tana cikin uwarta, sai ya tsaya cak, ba zai ƙarasa ba sai watan da zai fito. Ƙwan da mace mai shekara 40 ta saki a wannan wata ya shekara 40 yana jira ke nan. Sinadarin da ke riƙe da zaren gadon biyu-biyu yakan yi rauni da daɗewa, sai rabon ya zo da kuskure, ƙwai ya tafi da 24 ko 22. Irin wannan ƙwai galibi ba ya kama mahaifa. In ya kama, yawanci ɓari ake yi a watanni 3 na farko. Kaɗan ne ke kaiwa haihuwa.

Wannan kuskure ɗaya shi ne tushen abubuwa uku da mutane ke ɗauka daban-daban ne. Na farko jinkirin ɗaukar ciki. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta ce a cikin mata masu lafiya 'yan shekara 20 da wani abu zuwa farkon 30, kusan 1 cikin 4 kan ɗauki ciki a kowane wata, amma a shekara 40 kusan 1 cikin 10 ne. Wani masanin ƙidayar jama'a ɗan Faransa, Henri Leridon, ya yi lissafi a 2004 cewa a cikin mata 100 da suka fara neman ciki, waɗanda za su samu cikin da zai kai ga haihuwa a shekarar farko su 75 ne idan suna da shekara 30, su 66 a shekara 35, su 44 a shekara 40. Kada a raina 44 ɗin nan. Mace mai shekara 40 tana haihuwa, kuma wadda ba ta son ƙari kada ta ce shekaru za su yi mata tazara.

Na biyu ɓari. A ƙasar Norway an bi diddigin ciki sama da dubu 420 tsakanin 2009 da 2013, aka ga ɓari ya fi ƙaranci a shekara 25 zuwa 29, kusan 10 cikin 100. A farkon shekarun 40 ya kai kusan 1 cikin 3, daga 45 zuwa sama kuwa ya haura rabi. A ganina wannan bayani ya kamata ya isa kowane gida, domin matar da ta yi ɓari biyu a jere a shekara 41 ba a rasa mai ce mata ɗaukar turmi ne, ko iska, ko hannun kishiya, alhali mafi yawan lokaci tun ranar da ƙwan ya fito aka gama magana. Na uku shi ne haihuwar yaro mai larurar Down, wato wanda ya zo da zaren gado na 21 guda 3 maimakon 2. A shekara 25 kusan 1 ne cikin haihuwa 1,200, a 35 kusan 1 cikin 350, a 40 kuma 1 cikin 100. Ko a nan, 99 cikin 100 ba su da ita.

Littattafan Turai kan zana wannan matsala da hoton ma'aikaciyar da ta jinkirta haihuwar fari. Akwai irinta a Kano da Kaduna da Yamai, amma wadda aka fi gani a layin awo a ƙasar Hausa ita ce uwar 'ya'ya mai ciki na takwas, ko bazawarar da ta yi sabon aure tana son ta haihu a sabon gida. Bari mu ƙaddara wata irin ta biyun. Shekararta 39, 'ya'yanta 4, autanta yana da shekara 11, ta tare wata 8 ke nan shiru.

Ƙa'idar da aka saba ji ita ce a jira shekara 1 kafin a je asibiti. Wannan ta 'yan ƙasa da 35 ce. Daga 35 wata 6 ake jira, wadda ta kai 40 kuwa ba a ce ta jira komai ba. Wannan baiwar Allah ta riga ta wuce wa'adi. Abin da likita zai fara tambaya shi ne tsawon zagayen al'adarta. Idan da kwana 28 take yi, yanzu ya koma 25, alama ce ta raguwar ƙwai, kuma tana sauya lissafi. Ƙwai yakan fito ne kusan kwana 14 kafin haila mai zuwa, don haka nata yana fita a wajen rana ta 11 daga farkon jini, ba ta 14 ba. Kwanakin da ciki ke iya shiga kusan 6 ne, suna ƙarewa ranar fitar ƙwan. Idan gidan mata huɗu ne ana rabon kwana bibbiyu, dare 6 take yi ba ita ke da miji ba, kuma mafi kyawun kwanakin na iya faɗawa duk a ciki. Wannan ba cuta ba ce, lissafi ne.

Bayan haka sai gwajin maniyyin maigida. Cewa yana da 'ya'ya da uwargida ba hujja ba ce, domin maniyyin shekara 10 da suka wuce ba shi ne na yau ba, kuma a kusan rabin ma'auratan da ke fama da rashin haihuwa akwai hannun namiji. Sai hoton ciki don duba ƙarin mahaifa, wanda ya yi yawa a matan Afirka kuma yana ƙaruwa da shekaru, da hoton bututun ƙwai, wanda sanyin da ya biyo bayan haihuwa ko ɓari kan iya toshewa. Waɗannan duka ana iya yin wani abu a kansu. Tsufan ƙwai ne ba shi da magani. Ko dashen da ake haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji bai kauce masa ba: nasararsa kusan 1 cikin 3 ce a duk gwaji ga 'yan ƙasa da 35, amma bayan 43 ba ta kai 5 cikin 100 idan da ƙwan matar aka yi.

A ce Allah ya ba ta ciki tana da shekara 40. Yanzu hankali ya tashi daga ƙwai ya koma jikin uwa, musamman jijiyoyin jini. Babban abin tsoro shi ne hawan jinin ciki, wanda ke bayyana bayan mako na 20: awo ya kai 140 bisa 90, a kuma ga furotin a fitsari. In aka bar shi yana kaiwa ga jijjiga. A ƙa'idar asibitocin Birtaniya, kaiwa shekara 40 dalili ɗaya ne na haɗari, tazarar fiye da shekara 10 tsakanin ciki da ciki wani dalili ne, kuma mai dalili biyu ana ɗora ta a kan ƙaramin asfirin, miligiram 75 zuwa 150 kullum, daga mako na 12. Wannan mata tana da biyun. Shi ya sa zuwa awo a wata na 6, kamar yadda gwanayen haihuwa suka saba, bai dace da ita ba, domin a lokacin amfanin asfirin ɗin ya ragu ƙwarai. Likita ne zai rubuta shi, ba mai kemis ba. Ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ko ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama, duk na tafiya asibiti ne a ranar.

Tsakanin mako na 24 da 28 za a ba ta ruwan suga ta sha a auna jininta, saboda ciwon sugan ciki ya fi kama manya, kuma yana sa ɗa ya yi girman da zai wahalar da naƙuda. Hoton ciki zai nuna ko mabiyiya ta sauko ta tare bakin mahaifa, ko kuma tagwaye ne, don su ma sun fi zuwa bayan shekara 35. A ƙarshen ciki haɗarin mutuwar ɗa a ciki yakan ƙaru da wuri ga 'yan 40, shi ya sa likitoci da yawa ke ba da shawarar tayar da naƙuda a mako na 39 ko 40. Ita kuwa mai haihuwa 5 ko fiye tana da ƙarin haɗarin zubar jini, saboda mahaifar ba ta saurin tsukewa, don haka inda ake iya ƙarin jini ya kamata ta haihu, kome gwanintarta.

Ɗaya gefen shekarun matsalarsa daban ce. Yarinya 'yar 14 ko 15 ƙwanta bai tsufa ba, jikinta ne bai gama ginuwa ba, domin ƙashin ƙugu yana ci gaba da faɗi shekaru bayan fara haila. Idan kan ɗa ya kasa wucewa, naƙuda ta kwana biyu ko uku, naman da ke tsakanin farji da mafitsara yakan mutu ya huje, shi ne yoyon fitsarin da ake ɗinkewa a cibiyoyi irin ta Babbar Ruga a Katsina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciki 'yan ƙasa da 20 sun fi 'yan 20 zuwa 24 kamuwa da jijjiga da cutar da ke biyo bayan haihuwa, jariransu kuma sun fi zuwa bakwaini ko da ƙarancin nauyi. Awon hawan jinin da ake yi wa mai shekara 40, shi ake yi wa wannan yarinya, tare da sharaɗin cewa a asibitin da ake iya yin aiki za ta haihu.