Tartsatsi Biyu: Na Haɗa Waya Da Na Cire Ta

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai haɗa wutar sola ya san wannan ƙarar. Ya gama jera batura, ya ɗauko kakkaurar jar waya zai ɗora a kan inbata, sai a ji "tas!", tartsatsi ya tashi, bakin ƙarfen ya yi baƙin tabo. Inbatar a kashe take, babu ko ƙwai ɗaya da aka kunna. To ina wutar ta tafi da irin wannan gaggawa?

A garejin bakanike kuma ana samun akasin haka. A can, tartsatsin da ke tayar da injin mota yana fitowa ne a daidai lokacin da aka yanke wa kwayil wuta. Batirin motar bolt 12 ne kacal, wanda mutum zai riƙe kawunansa biyu da hannu bai ji komai ba, amma abin da ke isa bakin fulogi ya kai bolt dubu ashirin.

Na farkon aikin kafasita ne, wadda bakanikai ke kira kwandansa. Na biyun aikin indakta ne, wato naɗaɗɗiyar waya, kwayil a bakin masu gyara. Dukansu ma'ajiyar makamashi ne, kuma kowannensu yana da abu guda da ba ya yarda a sauya masa farat ɗaya.

Kafin a shiga cikinsu, sai a rarrabe abubuwa biyu da Bahaushe ke haɗawa ya kira "wuta". Akwai ƙarfin turi, wanda ake aunawa da bolt, shi ne kamar tsayin ruwa a cikin tanki: iya tsayinsa, iya ƙarfin da zai fito a famfo. Akwai kuma kwarara, wadda ake aunawa da amfiya, ita ce yawan abin da ke wucewa ta cikin waya a kowace daƙiƙa.

Kafasita ba ta da wani sirri a cikinta. Idan aka fasa ta, za a tarar da fallayen ƙarfe biyu masu sirantaka, an raba su da wani abin da wuta ba ta ratsa shi, an nannaɗe su kamar tabarma. Da an haɗa ta da batiri, caji yakan taru a falle ɗaya ya ragu a ɗayan. Ɓangarorin biyu suna jan juna amma babu hanyar haɗuwa, kuma a cikin wannan jan, a 'yar tazarar da ke tsakaninsu, makamashin yake kwance. A birnin Leiden na ƙasar Holan, wajen 1746, Pieter van Musschenbroek ya gano haka da jikinsa. Ya tara caji a cikin kwalbar ruwa da ke hannunsa, ya taɓa wayar da ɗaya hannun, ta fizge shi fizgar da ya rubuta wa wani abokinsa cewa ko mulkin Faransa za a ba shi ba zai sake gwadawa ba.

Girman kafasita da farad ake aunawa, amma farad ɗaya babban abu ne, don haka abin da aka fi gani a rubuce shi ne maikrofarad, kashi ɗaya cikin miliyan. Makamashin da ta tara kuwa ga lissafinsa: E = ½CV². Wato a ninka girmanta da bolt, a sake ninkawa da bolt, a raba biyu. Saboda bolt ɗin ya shigo sau biyu, idan aka ninka shi biyu makamashin ninkuwa huɗu yake yi.

Bolt ɗin da ke kan kafasita ba komai ba ne illa shaidar yawan cajin da ke cikinta, kamar yadda tsayin ruwa ke nuna abin da ke cikin tanki. Ba yadda za a yi tsayin ruwan ya ƙaru ba tare da an zuba ruwa ba, kuma zubawar tana cin lokaci. Wanda ke son cika tankin a minti ɗaya maimakon awa ɗaya sai ya nemo bututun da zai kawo ninki sittin. Wanda ke son cika shi ba tare da wani lokaci ya wuce ba sam, yana neman kwararar da ba ta da iyaka, abin da babu batiri ko janareta a duniya da zai iya bayarwa. Injiniyoyi suna rubuta wannan da i = C dV/dt: kwararar da ke shiga kafasita tana daidai da girmanta a ninka da saurin sauyawar bolt ɗinta.

A koma wurin mai sola. A ce baturansa bolt 48 ne, kuma a ƙofar inbatar akwai kafasitoci da jimillarsu ta kai maikrofarad 10,000. A lokacin da waya ta taɓa, suna kan sifili, kuma a wannan ƙiftawar ba za su iya barin sifili ba. Don haka batirin yana ganinsu tamkar an haɗa kawunansa biyu kai tsaye. Abin da ya rage ya tare kwararar shi ne ɗan tirjiyar wayoyi da ta cikin batirin. Idan aka ƙaddara ta om 0.02, to 48 a raba da 0.02 ya ba da amfiya 2,400 a takarda. A zahiri ba ta cika kaiwa nan ba, kuma cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa an gama, amma ta isa ta ƙona bakin ƙarfe, ta busa fis, ko ta sa na'urar tsaron batirin litiyom ta ɗauka gobara ce ta yanke wuta. Sau da yawa a nan ake zargin sabon batiri da lalacewa alhali lafiyarsa ƙalau.

Maganin bai kai kuɗin kwalbar lemo nawa ba. Kafin a ɗaura wayar, sai a fara ratsa wutar ta cikin razista mai om 50. Yanzu kwararar farko ba ta kai amfiya ɗaya ba. Idan aka ninka om 50 da farad 0.01 za a sami rabin daƙiƙa, kuma a cikin wannan rabin daƙiƙar kafasitocin sukan kai kashi 63 cikin ɗari, wato kusan bolt 30. Bayan daƙiƙa biyu da rabi sun wuce kashi 99. Sai a ɗaura wayar a ƙulle, shiru, babu tartsatsi. Abin takaici ne yadda masu haɗin da yawa suka ɗauki wannan ƙarar a matsayin alamar "wuta ta shiga", alhali kowace ƙara tana rage wa kayan mai gida kwana.

Wannan ɗabi'a tana aiki ta fuskar saukowa ma, kuma nan ne haɗarin yake. Shi ya sa ɗan ƙwan da ke jikin cajar kwamfuta ke ci gaba da haske bayan an zare ta daga bango. Wutar gida mai bolt 230 takan cika babbar kafasitar cikin talabijin zuwa kusan bolt 325. Idan mai maikrofarad 220 ce, ta riƙe jul 11 da 'yan kai, kusan daidai da abin da kafasitocin waccan inbatar suka riƙe, sai dai a kan bolt ɗin da ke ratsa fatar mutum. Gogaggen mai gyara ba ya sa hannu sai ya auna da mita, ya sauke cajin ta cikin razista. Masu haɗa ƙafafunta da sukundireba suna maimaita tartsatsin mai sola ne a kan teburinsu.

Indakta kuwa waya ce kawai da aka naɗa zagaye-zagaye, galibi a kan ƙarfe. Idan wuta na gudana a cikinta, maganaɗisu yakan kewaye ta, kuma a cikin wannan maganaɗisun take ajiye nata makamashin: E = ½LI². Bambancin a nan shi ne ajiyarta ta dogara da kwarara. Kafasita na iya zama a cikin aljihun tebur da cajinta, indakta kuwa tana riƙe da nata ne muddin wuta na tafiya.

Michael Faraday a Landan ya nuna a 1831 cewa sauyawar maganaɗisu tana haifar da bolt a cikin waya, Joseph Henry a Amurka kuma ya lura da tartsatsin da doguwar naɗaɗɗiyar waya ke yi idan an cire ta daga batiri. Sunayensu ne aka sa wa ma'aunan biyu, farad da henri. Abin da suka gano shi ne, da zarar kwarara ta fara sauyawa, maganaɗisun ma ya sauya, shi kuma sai ya haifar da bolt da ke adawa da sauyin. Ana ƙoƙarin ƙara kwarara, ya tokare. Ana ƙoƙarin rage ta, ya tura ta gaba.

Kurar mai ruwa cike da jarkoki ta ishi misali. Da ƙyar ake tayar da ita, amma idan ta ɗau gudu ba mai tsayar da ita nan take. Wanda ya ja ta a hankali zai tsayar da ita salin-alin. Idan kuwa bango ta tarar, duk ƙarfin gudun a kan bangon zai sauka lokaci guda. A harshen lissafi, V = L dI/dt: iya saurin yanke kwarara, iya girman bolt ɗin da zai tashi.

Tsofaffin motoci irin Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna sun mai da wannan taurin kai abin amfani. A ce naɗin farko na kwayil ɗin henri 0.005 ne, amfiya 4 na bi ta cikinsa. Makamashin da ya tara jul 0.04 ne kawai, ɗan mitsitsi. Sai kwantak ya buɗe, kwararar ta faɗi daga 4 zuwa sifili cikin kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa. A ninka 0.005 da 4, a raba da 0.0001, an sami bolt 200 daga batirin bolt 12. Naɗi na biyu yana da zagaye kusan ninki ɗari na na farko, sai ya ɗaga wannan zuwa bolt 20,000, wanda ya isa ya tsallake tazarar bakin fulogi ya kunna fetur.

Amma akwai matsala. Lokacin da bakunan kwantak suka fara rabuwa, tazararsu ba ta kai kaurin gashi ba. Kwayil ɗin da ya ƙi yarda a tsayar da shi zai tsallake ta nan kusa, ya ƙone kwantak ɗin, fulogi ya tashi a tutar babu. Shi ya sa aka maƙala 'yar kwandansa mai kusan maikrofarad 0.2 a gefensa. Kwararar da aka tare wa hanya sai ta faɗa cikinta, ita kuma tun da bolt ɗinta ba ya tsalle, daga sifili take fara hawa. Kafin ya yi yawa, bakunan sun riga sun yi nisa da juna.

Idan wannan kwandansar ta mutu, bakanike yakan gane tun kafin ya kwance ta. Motar tana wuyar tashi, tana shaƙewa idan an taka, in ya buɗe murfin distiribita ya tarar da bakin kwantak ya ƙone ya yi rami. Ya zare wayar kwayil ya kusantar da ita jikin inji a murza makulli, sai ya ga tartsatsin ja-ja ne mai rauni, maimakon shuɗi mai ƙara.