Tambayoyi Biyar a Kan Linzamin Babban Banki

Ɗalibin da ya shiga ajin farko na ilimin tattalin arziki a jami'a ba ya daɗewa bai haɗu da Babban Banki a takardar jarrabawa ba. Tambayoyin na zaɓi-ɗaya ne, kuma kusan duka abu guda suke auna wa: matakin da bankin ya ɗauka zuba kuɗi yake yi cikin kasuwa, ko kwashewa?

Ga ta farko. Babban Bankin Najeriya ya sayar wa bankunan kasuwanci takardun lamuni na naira biliyan 500. Kuɗin da ke hannun bankunan zai: A, ƙaru, B, ragu, C, tsaya yadda yake. Amsa ita ce B. Ɗalibai da yawa kan zaɓi A, domin sun ji an ce bankin ya ba da wani abu. Amma takarda ya bayar, kuɗi kuma ya karɓa ya kulle. Idan yana son kuɗi ya wadata, saye yake yi.

Ta biyu ita ce mai gumi, domin da lissafi a ciki. Doka ta wajabta wa kowane banki ya ajiye wani kaso na kuɗin masu ajiya a Babban Banki. A watan Fabrairun 2024 aka ɗaga wannan kaso daga kashi 32.5 zuwa kashi 45 cikin ɗari. To, wata 'yar kasuwa ta kai ajiyar naira miliyan ɗaya. A sabon tsari, nawa ya rage a hannun bankinta: A, 450,000, B, 675,000, C, 550,000?

C ce daidai. Wanda ya zaɓi A ya lissafa abin da aka kulle ne, ba abin da ya saura ba. Wanda ya zaɓi B kuwa yana kan tsohon kaso. Wato a kan kowane miliyan ɗaya, abin da za a iya rantawa ya ragu da naira 125,000. Kuma abin bai tsaya nan ba, domin bashin da aka ba wani kan koma ajiya a wani bankin, a sake ranta wani ɓangarensa. A littafi, ana raba 1 da kason don a san iyakar yadda ajiya za ta ninka: da kusan sau 3 ne, a Fabrairun 2024 ya koma sau 2.2. A zahiri ba a kaiwa haka, tunda hatsin da ake cinikinsa a Dawanau da tsabar kuɗi, kuɗinsa ba lallai ya ga ƙofar banki ba.

Ta uku ta shafi kuɗin ruwan da Kwamitin Manufofin Kuɗi ke yankewa, wanda sauran bankuna ke dubawa kafin su sa nasu. A wancan zaman na Fabrairu, ƙarƙashin gwamna Olayemi Cardoso, an ɗaga shi daga kashi 18.75 zuwa 22.75. Manufar ita ce: A, a sauƙaƙa cin bashi, B, a rage hauhawar farashi, C, a ƙara wa gwamnati kuɗin shiga. B ce. Idan bashi ya yi tsada, mai masana'anta kan ɗage sayen sabon inji, mai kuɗi kuma ya gwammace ya ajiye, sai rububin saye ya lafa.

Ta huɗu kyauta ce ga wanda ya halarci aji. Wanne ne ba ya hannun Babban Banki: A, kason ajiyar dole; B, cinikin takardun lamuni; C, ƙara haraji? Haraji na gwamnati da majalisa ne, saboda haka C.

Ta biyar ce ke raba mai hadda da mai fahimta. Zuwa Nuwamban 2024 kuɗin ruwan ya kai kashi 27.5, amma a Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Me ya fi bayyana haka: A, kuɗin ruwa ba shi da alaƙa da farashi, B, ɗaga shi na ƙara yawan kuɗi, C, tasirinsa na ɗaukar lokaci, kuma tsadar ba daga yawan kuɗi kaɗai ta fito ba? A na da jan hankali, musamman ga wanda cefane ya gallaba, amma C ce amsa. Matakin kan ɗauki watanni kafin ya ratsa bankuna ya iso kasuwa. Sannan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da sakin darajar naira a Yuni sun tsadar da dako da kayan waje, ga kuma manoman da rashin tsaro ya raba da gonakinsu. Kuɗin ruwa na iya rage masu saye, amma ba ya ƙara buhun masara ko ɗaya a kasuwa.