Daga tarin saƙonni zuwa jadawalin ranar ɗaurin aure

Duk wanda aka ɗora wa hidimar biki a yanzu, wayarsa ce ke fara shan wahala. Baban amarya ya turo layi ɗaya, gwaggo ta yi saƙon murya na minti shida, mai kwalliya ta turo nata sharaɗin, babban abokin ango ya ce an canja wani abu amma bai faɗi wanda ya canja ba. Kowa ya faɗi gaskiyar ɓangarensa. Abin da babu shi ne takarda ɗaya da za ta nuna abin da za a yi ƙarfe kaza, a ina, kuma a hannun wa. Rashin wannan takarda ne ke sa a ga amarya tana kujerar kwalliya alhali baƙi sun cika ɗakin taro tun awa biyu.

Mu ɗauki misalin biki a Kano, ranar wata Asabar cikin Disamba. Gidan su amarya na Gwale, ɗakin taron yana wajen Titin Gidan Zu, gidan da za ta tare kuma yana Hotoro. Aikin farko shi ne a zauna da biro da takarda a bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, har da na murya, a fitar da kowace magana a layinta tare da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. Kada a fara jera awoyi tukuna. A nan ne saɓani ke bayyana. Kawu ya ce ɗaurin aure bayan azahar, katin gayyata kuma ya ce ƙarfe 11 na safe. Mutane kan ɗauki saƙon da ya zo daga baya, kuma a ganina kuskure ne. Maganar da za a bi ita ce ta mai iko da abin. Lokacin ɗaurin aure na waliyyi ne da limamin masallacin, lokacin ɗakin taro na wanda ya karɓi kuɗin haya ne. A kira waliyyi a ce, “Baba, sha ɗayan nan na jikin kati tana nan?” Da ya ce tana nan, an rufe wannan babi.

Sai a ware lokutan da ba sa motsi. A misalinmu su ne ɗaurin aure ƙarfe 11, ɗakin taro da aka kama daga 4 zuwa 8, da kuma lokutan salla. Na ƙarshen nan ne aka fi mantawa, domin kowa yana ganin ya san su. Amma magariba a Kano takan faɗi wajen ƙarfe 6 a Nuwamba da Disamba, ta kai kusan 7 saura a Yuli. Jadawalin da ya yi wa bikin damina daidai zai iya cin karo da salla a bikin hunturu. Haka kalmomi irin “bayan la'asar” da “da rana”: a wurin gwaggo bayan la'asar na iya zama ƙarfe 5 da rabi, a wurin direba kuma ƙarfe 4 ne. Kowace irin wannan kalma sai an mayar da ita lamba, an kuma sanar da mai maganar lambar da aka sa.

Daga nan ake gina jadawalin, kuma ana gina shi ne daga ƙarshe zuwa farko. Ana son amarya ta shiga ɗakin taro ƙarfe 5. Daga Gwale zuwa can, idan aka haɗa da cunkoson yammacin Asabar da lokacin da ƙawaye ke ɓatawa wajen shiga mota, a ba shi minti 45. Ke nan motoci su tashi 4:15. Kafin haka akwai la'asar da tattara jama'a, daga 3:45. Mai hoto ya nemi rabin awa da sauran hasken rana, sai ya samu daga 3:15. Sa kaya da ɗaurin ɗankwali wata rabin awar ce, daga 2:45. Mai kwalliya ta ce fuskar amarya na cin awa biyu, don haka dole ta fara 12:45. Wannan lamba tana da daɗi, domin a Disamba lokacin azahar ya shiga wajen sha biyu da rabi, amarya za ta yi alwala ta yi salla ta ci abinci kafin a taɓa fuskarta. Cin abincin nan ma a rubuta shi a layinsa. Amare da yawa kan wuni da yunwa don kawai ba a sa wa abincinsu lokaci ba.

Yanzu ne takardar za ta fara biyan wahalarta. A cikin saƙonnin, mai kwalliya ta ce ba za ta iso ba sai ƙarfe 12, domin tana da wani aiki da safe. A wani saƙon daban, yayar amarya ta ce ita za ta yi wa manyan ƙawaye uku, kowacce minti 40. Saƙonnin biyu babu wanda ya yi kama da matsala idan aka karanta shi shi kaɗai. Da aka jera su, sai ga shi tsakanin 12 da 12:45 ƙawa ɗaya ce kawai za ta samu shiga, biyu ba su da gurbi. Idan aka gano haka ranar Talata, waya ɗaya ta isa: ko ta zo da mai taimaka mata, ko ƙawayen biyu su nemi wata. Idan sai ranar Asabar aka gano, daga lokacin amarya za a yanka, kuma jinkirin zai bi jadawalin har dare.

Daren ma yana da nasa. Gwaggo ta ce kai amarya bayan isha'i, ita kuma a ranta wajen ƙarfe 8 ne. Amma 8 ɗin ce lokacin tashi daga ɗakin taro, bayan an cire minti 20 na sallar magariba a tsakiya. Kafin a koma Gwale, amarya ta canja kaya, ta yi isha'i, iyaye su yi mata nasiha, ƙarfe 9 da rabi ta yi, ba za a isa Hotoro ba sai bayan 10. Tsofaffin da za su raka ta sun cancanci su ji wannan tun da wuri, su zaɓa: ko a amince da 9 da rabi, ko a rage taron da awa ɗaya. Wannan hukunci na manya ne, mai jadawali nasa ya kai musu lissafin cikin ladabi.

Safiyar ba ta da rikici sosai. Goro da alawa da sadaki su kasance hannun wakilin ango tun 10, abincin walima ya iso kafin a fito daga masallaci.

Kowane layi ya ɗauki suna ɗaya da lambar waya ɗaya. “Ƙawaye za su kula da motoci” yana nufin babu mai kulawa. Kada a sa sunan amarya ko ango ko mahaifiyar amarya a kan wani aiki, domin ranar ba sa iya ɗaga waya. Idan an gama, a tura takardar a shafi ɗaya kwana biyu kafin biki, a rubuta ranar da aka fitar da ita a sama, a kuma karanta wa iyaye mata da baki ko a yi musu saƙon murya. Duk wani canji daga baya ya bi ta hannun mutum ɗaya, shi zai gyara ya sake turawa, ya ce a yi watsi da ta farko.